Rangwamen kamfani ya iso a Fabrairu bayan an ƙirga kayan sito: wace shekara zai shiga, kuma a ina zai zauna?

Aminu Fagge:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ke riƙe da littattafan wani dilan garin sabulun wanki a Kasuwar Singa, kuma shekarar lissafinmu tana ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba. A yarjejeniyar da maigida ya sa wa hannu da kamfanin da ke ba mu kaya, an rubuta cewa duk dilan da sayensa ya kai katon 50,000 tsakanin Janairu da Disamba za a yi masa rangwamen kashi 3 cikin ɗari a kan dukkan abin da ya saya a shekarar. Mun sayi katon 60,000 a kan naira 10,000 kowanne, ban da harajin VAT, wato kayan naira miliyan 600 ke nan. Ranar da muka ƙirga kayan sito a ƙarshen shekara mun tarar da katon 9,000, muka yi musu kuɗi naira miliyan 90.

To sai a tsakiyar Fabrairu kamfanin ya aiko mana da takardar kiredit ta naira miliyan 18, ya cire kuɗin daga bashin da yake bin mu. Daraktoci ba su sa hannu a lissafin bara ba tukuna, domin masu binciken asusu suna kan aiki, sai ƙarshen Maris za su kammala. Maigida yana ganin kuɗin na bana ne tunda a bana aka same su, kuma yana so a rubuta su a matsayin sauran kuɗin shiga. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Ina roƙon a haska mini: wace shekara ce ta mallaki wannan kuɗi, kuma shin ya shafi kuɗin da muka yi wa katon 9,000 ɗin nan?

Malam Bala Akanta:
Wa alaikumus salam, Aminu. Kuɗin na bara ne, babu tantama. Abin da ya jawo rangwamen shi ne sayen da kuka yi, kuma sayen ya kammala kafin 31 ga Disamba, hasali ma tun ranar da kuka tsallake katon 50,000 haƙƙinku ya tabbata. Takardar da ta zo a Fabrairu ba ita ta haifar da haƙƙin ba, ta tabbatar da adadinsa ne kawai. Ma'aunin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa mai suna IAS 10 ya raba abubuwan da ke faruwa bayan rufe shekara gida biyu: waɗanda ke ba da shaida a kan halin da ake ciki tun ranar rufewa, su ake gyara lissafi dominsu, da waɗanda suka taso daga baya, su kuma bayani kawai ake yi a kansu idan suna da girma. Naku yana cikin na farko. Ka rubuta naira miliyan 18 a lissafin bara, ka rage bashin da kamfanin ke bin ku, sannan ka kai kuɗin gaba ɗaya ka rage kuɗin sayen kayan da aka sayar. Ribar bara za ta ƙaru da miliyan 18, magana ta ƙare.

Alhaji Sabo:
Yarona Aminu, ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan boko ba, amma na daɗe ina karɓar irin wannan ragi. Idan ka biya kamfani da wuri ya sauƙaƙa maka, ai wannan ladan biya da wuri ne, kuma ranar da ka biya ake lissafinsa. Ban ga abin da ya haɗa shi da kayan da ke jibge a sito ba, tunda katon yana nan katon, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Aminu Fagge:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Wannan ba ragin biya da wuri ba ne. Ko da a ranar ƙarshe ta wa'adi muka riƙa biya, za mu samu kuɗin, domin sharaɗin kawai shi ne yawan katon da muka ɗauka a shekara.

Hajiya Binta Odita:
Malam Bala ya yi daidai a kan shekara, kuma zan ƙara masa hujja: sakin layi na 9 na IAS 10 ya ambaci gano ainihin kuɗin sayen kadara bayan rufe shekara, alhali an saye ta kafin rufewa, a cikin misalan abubuwan da ake gyara lissafi dominsu. Muddin daraktoci ba su amince da fitar da lissafin ba, ƙofar gyara a buɗe take.

Inda na rabu da shi shi ne kai miliyan 18 gaba ɗaya cikin ribar bara. Sakin layi na 11 na IAS 2 ya ce rangwamen ciniki da ire-irensa ana cire su ne wajen fitar da kuɗin sayen kaya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, Aminu, ba naira 10,000 kuka sayi katon ba, naira 9,700 kuka saye shi, sai dai kamfanin ya riƙe naira 300 ɗin kowane katon har zuwa Fabrairu. Wannan naira 300 tana kan kowane ɗaya daga cikin katon 60,000, da wanda ya fita da wanda ya rage. Wanda ya fita, ragin da ke kansa ya zama riba tun bara. Wanda ke sito kuwa, ragin da ke kansa bai zama riba ba tukuna, zai jira ranar da aka sayar da shi.

Sai ka raba kuɗin kashi biyu. Katon 9,000 da ke sito sau 300 ya ba da naira miliyan 2 da dubu 700, wannan za ka cire daga kuɗin da ka yi wa kayan sito, su sauko daga miliyan 90 zuwa miliyan 87 da dubu 300. Katon 51,000 da aka sayar sau 300 ya ba da miliyan 15 da dubu 300, wannan za ka cire daga kuɗin sayen kayan da aka sayar, su sauko daga miliyan 510 zuwa miliyan 494 da dubu 700. A ɗaya ɓangaren kuma ka rubuta miliyan 18 a matsayin abin da kuke bin kamfanin a ranar 31 ga Disamba.

Ka duba abin da kowace hanya ke jawowa. Idan aka bi ta Malam Bala, ribar bara za ta kumbura da miliyan 2 da dubu 700, kayan sito ma su kumbura da wannan adadin, domin an ci ribar kayan da ba a sayar ba. Idan aka bi ta maigidanka, ribar bara za ta gaza da miliyan 15 da dubu 300, kayan sito su kumbura da miliyan 2 da dubu 700, sannan ribar bana ta ɗauki ribar da bara ta yi aikinta. Kuma ajiye kuɗin a cikin sauran kuɗin shiga yana da wata illa ta daban: zai ɓoye ainihin ribar da kuke ci a kan kowane katon, maigida ya riƙa ganin sabulu ba ya kawo komai alhali yana kawowa.

Ga Alhaji kuma, ranka ya daɗe, ko ragin biya da wuri ne, kwamitin fassara ma'aunan ya bayyana tun a watan Nuwamba na 2004 cewa shi ma cire shi ake yi daga kuɗin sayen kaya. Gaskiya ne katon bai ƙaru ba bai ragu ba, amma abin da aka biya a kansa ya ragu, kuma da abin da aka biya ake yi wa kayan sito kuɗi.

Malam Bala Akanta:
Hajiya, hujjarki ta IAS 2 a fili take, ba na jayayya da nassin. Abin da nake dubawa shi ne girman kuɗin. Miliyan 2 da dubu 700 a cikin cinikin da ya haura miliyan 500 ba zai sauya shawarar banki ko ta mai zuba jari ba, kuma na ga ƙananan kamfanoni da yawa da ke kai rangwamen gaba ɗaya cikin kuɗin saye ba tare da an taka musu birki ba. Sannan akwai tambayar da ba a yi wa Aminu ba: shin babu kayan da suka kwana daga shekarar da ta gabata? Idan akwai, ba kowane katon da ke sito ba ne ke ɗauke da naira 300 ɗin.

Hajiya Binta Odita:
Tambayarka ta biyu tana da kyau ƙwarai, bari Aminu ya amsa ta. Ta farkon kuwa, ba da yawan ciniki ake auna girman kuskure a sana'ar dila ba, da riba ake aunawa, domin ribar dila siririya ce. Dilan da ya juya kayan miliyan 600 yana iya tashi da ribar da ba ta wuce miliyan 20 ko 25 ba bayan an cire haya da albashi da kuɗin mota. A kan irin wannan riba, miliyan 2 da dubu 700 ya haura kashi 10 cikin ɗari, kuma babu mai binciken asusu da zai wuce shi bai yi magana ba. A shekarar da kayan sito na farkon shekara da na ƙarshenta suka yi kusan daidai, kuma ana samun rangwame iri ɗaya kowace shekara, kuskuren bara da na bana suna cinye juna a lissafin riba, shi ya sa ka ga ana yi ana wucewa. Amma ranar da dila ya cika sito a Disamba domin ya kai sharaɗi, a ranar kuskuren ke fitowa da girmansa, kuma wannan ita ce ɗabi'ar dilolinmu.

Aminu Fagge:
Akwai kwantai, Malam Bala. Mun shigo shekarar da katon 4,000 da aka saya naira 9,000 kowanne, kuma babu rangwame a kansu domin a waccan shekarar ba mu kai sharaɗi ba. Jimillar abin da muka sayar katon 55,000 ne. Tsarinmu shi ne wanda ya fara shiga sito shi ke fara fita, haka aka saita manhajar, a kan FIFO.

Hajiya Binta Odita:
To lissafin da na ba ka yana nan yadda yake. A tsarinku katon 4,000 na kwantai su suka fara fita, sai 51,000 daga sayen shekarar suka bi bayansu, 9,000 da suka rage kuma duka daga sayen da ke ɗauke da rangwame suke. Da a ce matsakaicin farashi kuke amfani da shi na shekara guda, da amsar ta ɗan sauya: za a watsa miliyan 18 a kan katon 64,000, kowane katon ya ɗauki naira 281 da kwabo 25, rabon kayan sito ya zama kusan miliyan 2 da dubu 531. Bambancin ba shi da yawa a nan, amma ƙa'idar ita ce rangwame yana bin hanyar da kuke bi wajen yi wa kaya kuɗi, ba a ƙirƙiro masa wata hanya ta dabam.

Abu ɗaya za ka sake dubawa. Na ɗauki naira 10,000 a matsayin farashin da bai motsa ba duk shekara, kamar yadda ka faɗa. Idan matsakaici ne ka ba mu, kuma inbois ɗin Nuwamba da Disamba sun fi tsada, to kada ka yi amfani da naira 300 a kan katon. Ka ɗauki ainihin kuɗin inbois na katon 9,000 ɗin ka cire kashi 3 cikin ɗari, tunda rangwamen a kan kuɗi aka yi shi.

Malam Isufu na Maraɗi:
Ina gaishe ku daga Maraɗi. A wajenmu tsarin lissafin SYSCOHADA ne, wanda ƙasashen Afirka da ke cikin ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA ke bi, kuma wanda aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. An ware wa wannan lamari lambobin asusu tun asali. Idan shekara ta rufe takardar mai kawo kaya ba ta iso ba, muna rubuta abin da muke jira a asusu mai lamba 4098, mu rage saye ta asusu mai lamba 6019 idan hajar sayarwa ce. Samuwar lambobin tana hana mantuwa da rubuta kuɗin a shekararsa, amma ba ta hana kuskuren da Hajiya ta nuna, domin akanta yana iya cika asusun biyu daidai sannan ya je takardar ƙirgar sito ya yi wa kayan kuɗi da farashin inbois. Mutumin da ke riƙe da sito yawanci bai ma san da yarjejeniyar rangwame ba, tana cikin akwatin maigida. Saboda haka nake ba Aminu shawarar ya rubuta ragin miliyan 2 da dubu 700 a ƙasan takardar ƙirgar kanta, yadda duk wanda ya ɗauke ta zai ga yadda miliyan 90 ta koma 87 da dubu 300.

Alhaji Sabo:
Na saurari Hajiya, kuma na gane cewa farashin ne ya sauka. To ga nawa lamarin. Kamfanin da nake hulɗa da shi ba ya ba da takardar kiredit, kaya yake lodo mini. Idan na kai sharaɗi, a watan Fabrairu ko Maris sai mota ta zo da ɗaruruwan katon babu inbois na biya. Akantana yana shigar da su sito ba tare da kuɗi ba, idan an sayar sai kuɗin ya zama riba zalla. Shin shi ma wannan sai an mayar da shi bara, alhali ranar ƙirga kayan ba su ma baro masana'anta ba?

Hajiya Binta Odita:
Ranka ya daɗe, kayan kansu ba za su shiga ƙirgar 31 ga Disamba ba, domin ba su zo hannunka ba. Amma haƙƙinka a kansu ya tabbata tun bara, kuma sayen bara ne ya biya su, saboda haka ba kayan banza ba ne da za a shigar babu kuɗi. Yadda za a lissafa ya danganta da lafazin yarjejeniyarka, kuma zan yi amfani da adadin Aminu don kada mu ƙara wasu lambobi.

Idan an rubuta cewa rangwamen kashi 3 cikin ɗari na kuɗi ne, amma za a biya shi da kaya a farashin ranar lodi, to daidai yake da na Aminu: ana rubuta miliyan 18 a matsayin abin da ake bin kamfani, a raba shi tsakanin sito da kayan da aka sayar, idan motar ta iso kuma a shigar da kayan a kan miliyan 18, bashin ya mutu. Idan kuwa an rubuta cewa a kan kowane katon 100 za a ƙara katon 3, to abin da ya faru shi ne ka biya miliyan 600 a kan katon 61,800, kowane katon ya tsaya kusan naira 9,709. Da wannan farashin za a yi wa katon 9,000 na sito kuɗi, da shi za a lissafa waɗanda aka sayar, kuma da shi za a rubuta katon 1,800 da ake jira, kusan miliyan 17 da rabi, a matsayin kayan da aka biya ba su iso ba. Ta kowace hanya aka bi, shigar da su babu kuɗi yana danne ribar bara ya ɗora ta a kan watan da aka sayar da su.

Zainab Gusau:
Anti Binta, ki ba ni dama in shigo da tawa matsalar, domin ta fi ta Yaya Aminu sarƙaƙiya. Mu siminti muke sayarwa, kuma shekarar rangwamen kamfanin da ke ba mu kaya tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Maris, alhali mu muna rufe littafi a Disamba. Sharaɗin buhu 200,000 ne, rangwamen kuma naira 100 a kan kowane buhu daga na farko. A ranar 31 ga Disamba mun ɗauki buhu 170,000. Ba mu kai ba a ranar rufewa, amma saura buhu 30,000 a watanni uku na rani, lokacin da gini ya fi kankama. Shin in rubuta naira miliyan 17 a bara ko in bari?

Malam Bala Akanta:
Zainab, ki bari. A ranar 31 ga Disamba ba ku bin kamfanin ko kwabo, domin da a ce kun rufe shago a ranar da babu abin da zai ba ku. Sayen Janairu zuwa Maris sabon abu ne da ya taso bayan rufe shekara. Kadarar da samuwarta ta rataya a kan abin da bai faru ba, IAS 37 bai yarda a rubuta ta ba sai samuwarta ta zama kusan yaƙini. Kuma kada mu manta abin da ya faru da kamfanin Tesco na Birtaniya a 2014, lokacin da ya sanar cewa ribarsa ta kumbura da fam miliyan 263, kuma babban dalilin shi ne gaggawar rubuta kuɗaɗen da ake sa ran samu daga masu kawo masa kaya. Tun daga lokacin masu binciken asusu suke sa ido sosai a wannan gurbi.

Hajiya Binta Odita:
Wannan ita ce gaɓar da ma'aunan ba su yanke ta da lafazi ƙarara ba, kuma ra'ayin Malam Bala yana da masu riƙe da shi. IAS 2 ya ce a cire rangwame, bai faɗi lokacin da za a fara rubuta wanda sharaɗinsa bai cika ba. Abin da akasarin masu aiki da ma'aunan ke bi, kuma shi nake bi, shi ne a ɗauki lamarin a matsayin auna ainihin kuɗin buhunan da aka riga aka saya: idan akwai yarjejeniya a rubuce, kuma rinjayen zato shi ne za a kai sharaɗi, kuma ana iya auna adadin, sai a rubuta rabon buhunan da aka saya zuwa ranar rufewa. A naki, matsakaicin sayenku a wata ya kusa buhu 19,000, abin da ya rage kuma buhu 10,000 ne a kowane wata, kamfanin ba shi da ikon janye tayin, saboda haka zan yarda da miliyan 17, a raba shi tsakanin buhunan sito da waɗanda aka sayar kamar na Aminu. Idan daga baya ba a kai ba saboda wani dalili da ya taso a sabuwar shekara, gyaran ƙiyasi ne a ƙarƙashin IAS 8, a bana ake yinsa, ba a komawa bara.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rubuta kuɗin a kan fata. Da a ce buhu 120,000 kuka kai a Disamba, kuma hujjar kawai ita ce maigida ya ce zai ƙoƙarta, da na bi Malam Bala. Darasin Tesco a ganina yana kan rubuta abin da babu hujjarsa ne, bai hana rubuta abin da takarda da tarihin saye suka goyi bayansa ba.

Malam Bala Akanta:
A nan dai ban sauka ba, Hajiya. Masana'antar siminti tana iya tsayar da lodi na makonni, farashi yana iya tashi dila ya kasa ɗaukar adadin da ya saba, kuma duk wannan ba a hannun Zainab yake ba. Ni zan fi so ta yi bayani a ƙasan lissafi cewa akwai rangwamen da ake sa rai, ba tare da ta taɓa riba ba. Ta kai wa masu binciken asusunta hujjojin biyu tun kafin ta rubuta komai.

Aminu Fagge:
Na koma na sake karanta takardun kamar yadda aka ba ni shawara, kuma na ci karo da abubuwa biyu. Na farko, akwai wata takardar kiredit ta daban ta naira miliyan 2 da ta zo rana ɗaya da waccan, an rubuta a kanta cewa mayar da kuɗin tallan da muka yi a kasuwannin ƙauye ne a watan Nuwamba, kuma mun aika musu rasit ɗin abin da muka kashe. Na biyu, a Janairu mun sayar da katon a kan naira 9,900 saboda gasa, kuɗin lodi da kaiwa kuma yana cin naira 100 a kowane katon. Wani abokin aikina ya ce dole mu karya kuɗin kayan sito domin sun faɗi ƙasa da farashin saye.

Hajiya Binta Odita:
Miliyan 2 ɗin ba ya shiga kuɗin kaya. Bayanin nan na 2004 da na ambata ya keɓe kuɗin da aka bayar domin mayar da wani takamaiman kuɗin talla ko sayarwa da aka kashe da gaske, ya ce ba a cire shi daga kuɗin sayen kaya. Tunda akwai rasit kuma aikin a Nuwamba aka yi shi, ka rubuta shi a bara, ka rage kuɗin tallan da shi. Sai dai ka kwatanta adadin: idan rasit ɗinku miliyan 1 da rabi ne aka ba ku miliyan 2, rarar dubu 500 rangwame ce da aka sa mata wani suna, ita kuma ta bi hanyar miliyan 18.

Maganar abokin aikinka kuwa tana nuna dalilin da ya sa ake fara cire rangwame kafin a yi gwaji na gaba. Ana ajiye kaya ne a kan mafi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da abin da za a samu bayan cire kuɗin sayarwa. Abin da za ku samu shi ne 9,900 a cire 100, wato naira 9,800. Wanda ya gwada shi da 10,000 zai ga faɗuwar naira 200 a katon, ya rubuta asarar miliyan 1 da dubu 800 da babu ita. Idan aka gwada da 9,700, kuɗin saye ne mafi ƙanƙanta, babu abin karyawa. Diloli da yawa suna sayarwa ƙasa da farashin inbois ne da gangan saboda sun san rangwame na zuwa, kuma lissafin da bai cire rangwamen ba zai riƙa nuna suna asara a kan kowane katon.

Kafin ka rufe fayil ɗin ka tabbatar da abu uku a cikin yarjejeniyar da takardar kiredit ɗin. Ka duba ko an ɗaura kuɗin da alkawarin sayen wani adadi a bana, domin idan sai kun sake saye za ku mallake shi, to ragi ne a kan sayen bana, ba na bara ba. Ka duba ko akwai kayan da kuka mayar wa kamfanin waɗanda ya kamata a cire daga katon 60,000. Sannan ka duba ko takardar tana ɗauke da harajin VAT: idan an ɗora kashi 7.5 cikin ɗari a kan miliyan 18, wannan miliyan 1 da dubu 350 na asusun haraji ne, ba ya shiga rabon sito.

Aminu Fagge:
Na gode, Hajiya, na gode Malam Bala. Babu sharaɗin sayen bana a yarjejeniyar, babu kayan da muka mayar, kuma rasit ɗin tallan sun kai miliyan 2 cif. Harajin an rubuta shi a layi na daban. Gobe zan kai wa maigida lissafin da kayan sito a kan miliyan 87 da dubu 300, in haɗa da kwafin yarjejeniyar da takardun kiredit biyu ga masu binciken asusu.

Zainab Gusau:
Ni kuma na fitar da jadawalin sayenmu na kowane wata na shekarun baya, da abin da muka ɗauka a Janairu da Fabrairun bana, zan miƙa wa oditanmu tare da hujjar Anti Binta da ta Malam Bala. Tambayar da zan yi masa ita ce ko zai karɓi sayen Janairu da Fabrairu a matsayin shaidar ingancin ƙiyasin Disamba, ko kuwa zai ɗauke su sababbin abubuwa da ba su shafi bara ba.